Hubbaren Dagazau da Takardar da Na Ci

Da sunan Wanda ya san makwancin kowane mai rai tun kafin a haƙa shi. Ku matso, ya ku mutanen wannan gari da ba nawa ba, ku ji abin da na riƙe a ciki shekara talatin da huɗu. Na bari sai da na yi nisan da labari ba zai iya komawa gida da ƙafarsa ba.

Sunana Cindo ɗan Ajuji, mutumin Birnin Ƙurmusa a ƙasar Zurma, inda duwatsu suke ja kamar an yi musu lalle. Gidanmu gidan masu haƙar kabari ne. Ni kuma da na yi ɗan karatu sai na haɗa fartanya da alƙalami, na zama mai bin diddigin kusheyi. In dangi sun ɓatar da kabarin kakansu, ko garuruwa biyu suna jayayya kan wani waliyyi, ni ake kira. Ina da baki, ba na ɓoyewa. Na sha rushe wa mutane kabarin da suka yi shekaru suna yi wa shara, in tafi ina jin daɗin kaina.

Malamin da ya koya mini sana'ar ya ce kabari iri uku ne. Akwai tabbatacce, wanda wani da ya halarci binnewar ya rubuta wurin, kuma wata shaida da ba ta san da rubutun ba ta zo ta dace da shi. Akwai na zato, wanda baki ya gada daga baki, ba a kama shi da ƙarya ba, ba a kuma kai ƙarshen igiyarsa ba. Akwai na ƙarya, wanda shaida ta tashi ta ƙaryata. Ya ce ranar da na ɗauki na biyu na sa a mazaunin na farko, in rataye alƙalamina.

A tsakiyar Ƙurmusa akwai hubbaren Dagazau Mai Sulhu, sarkin da ya kashe wutar yaƙin ramuwar jini, ya rasu shekara ɗari uku da ashirin kafin zamanina. Dokar ƙasarmu mai tsanani ce: wanda rai ya fita ta hannunsa, da gangan ko da kuskure, dangin mamacin suna da jininsa. Dagazau bai iya kawar da dokar ba, sai ya yi mata ƙofa guda. Ya rantsar da dukan dangogi cewa duk wanda ya isa kabarinsa ba za a taɓa shi ba muddin yana cikin katangar wurin.

Yayata Marka ita ta goya ni bayan rasuwar uwarmu. Mai ɗori ce, hannunta ya tayar da guragu ba adadi. Wata rana raƙumi ya kayar da ɗan Madugu Ƙosau, jagoran ayarin gishiri, ƙashin cinya ya fasa fata ya fito. Marka ta ce a yanke ƙafar, danginsa suka ƙi, ta ɗora. Ƙafar ta ruɓe, saurayin ya mutu a rana ta tara. Kafin a gama yi wa gawar wanka Marka ta yar da takalmanta ta ruga hubbaren, mace mai shekara hamsin da ɗoriya, masu takubba a bayanta.

Da Ƙosau ya ga ta tsere masa, sai ya je gaban alƙali da wata magana da ba a taɓa kawowa ba. Ya ce a yawonsa na fatauci ya ga kabarin Dagazau na gaskiya a Tudun Shaho, na Ƙurmusa tulin ƙasa ne kawai. Rantsuwar kakanni a kan kabari aka yi ta, in babu kabari babu rantsuwa.

Alƙali ya aika aka kira ni. Ya ce, "Cindo, babu wanda ya san wannan aiki kamarka, babu kuma wanda bai kamata a ba shi ba kamarka. Na ba ka kwana arba'in. Madugu zai bi ka ƙafa da ƙafa, ya zama idona. In Dagazau yana nan, 'yar'uwarka ta tsira. In ba ya nan, zan sa a buɗe ƙofa."

Na ce, "Allah ya gafarta malam, gani ya kori ji. Zan faro daga nan gida."

Na shiga hubbaren da hantsi, Ƙosau yana biye da ni, dogon tsoho baƙi wanda bai yi mini ko sallama ba. Marka tana zaune a gindin bango tana tsinke zaren zanenta.

Ta ce, "Auta, ka ci abinci kuwa?"

Gemuna ya fara furfura a lokacin, amma ita ba ta taɓa kirana da wani suna ba. Na ce na ci, na kawar da kai don kada Madugu ya ga idona.

Na duba ginin. Ƙubbar da jan bulo aka yi ta, ƙonannen bulo kuwa bai shigo Zurma ba sai zamanin sarki na shida bayan Dagazau. A kan allon dutsen da ke wajen kai an sassaƙa sunansa da laƙabin Mai Sulhu, alhali a zamaninsa Dagazau ɗan Turaki ake ce masa, mawaƙan baya ne suka ba shi laƙabin. Tulin kabarin kamu tara ne, ya kusa cika ɗakin. Ba a taɓa yin mutum mai kamu tara ba, masu ziyara ne kowa yake ƙara ɗan dunƙulen ƙasa. Duk wannan bai ƙaryata komai ba, domin ana sake gini a kan tsohon kabari. Ya dai nuna dutsen da bulon ba su ga gawar ba.

Sai na zaunar da mai tsaron hubbaren, Baba Nomau, na ce ya lissafa mini daga wa ya karɓi mabuɗi. Ya ce daga ubansa, shi daga nasa, har mutum bakwai. Mutum bakwai, ko kowa ya yi shekara talatin yana tsaro, ɗari biyu da goma ke nan. Saura fiye da ɗari babu kowa.

Na ce, "Baba, shi na farkon, wa ya nuna masa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ka san shekarar annoba gari ya watse, aka yi shekara arba'in babu mai hura wuta. Da aka dawo komai ya zama kufai. Kakanmu ya yi mafarki, aka ce masa nan ne."

Ƙosau ya dube ni. Na ce masa, "Madugu, ka ji da kunnenka. Mafarki ba shaida ba ne a sana'armu. Yau wannan kabari na zato ne, ba zan ce maka ya wuce haka ba."

Ƙosau ya ce, "Ashe kana da gaskiya, ɗan mahaƙa." Wannan ce maganar farko da ya yi mini, ita ce kuma daga baya na yi masa tarko da ita.

Muka ɗaura wa raƙuma sirdi muka nufi Tudun Shaho. Kwana shida muka yi a Farin Fili, inda kanwa ta rufe ƙasa iya ganinka, ƙasar tana amsa takun raƙumi kamar ganga don ƙarƙashinta rami ne. Wanda ya kauce wa sawun ayari taku goma ya nutse. A rana ta huɗu raƙumina ya burma, na faɗa cikin ruwan kanwa har ƙugu, fatar ƙafafuna ta fara saɓulewa. Ƙosau ya kwanta rub da ciki, ya jefo mini rawaninsa ya jawo ni. Ya wanke mini ƙafafu da ruwan shansa, ya ɗora ni a kan raƙuminsa, shi ya taka.

Na ce, "Da ka bar ni ai da shari'a ta ƙare."

Ya ce, "Jinin ɗana nake nema, ba naka ba. Kuma ina so in san gaskiya ko da ita ce za ta hana ni."

Tudun Shaho gari ne a gindin wani tsauni inda shahuna masu girman ɗan maraƙi suke sheƙa. Mutanen suna yanka musu awaki, su kuma suna kore musu mahara. A bayan garin ga wani babban tudu da aka kewaye da duwatsu, shi ne suke ce wa kabarin Dagazau. Dattawa goma sha biyu suka fito su ba da shaida. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a inuwar wata ƙirya, kowa na tambaye shi abin da ya sani da wanda ya gaya masa. Labarinsu ya zo iri ɗaya har da inda ake jan numfashi, abin da ya sa na fara zargi ke nan, domin shaidun gaskiya sukan saɓa a ƙananan abubuwa. Da na bi igiyar kowa, duka sha biyun suka ƙare a kan mutum guda, wani maroƙi da ya zo garin a zamanin kakanninsu da waƙar Dagazau a bakinsa. Baki sha biyu ne, shaida ɗaya.

Na zaga tudun. Ruwan sama ya zaftare gefe guda, ga abin da ke ciki a fili ba sai na tona ba: ƙasusuwan doki, fasassun tukwane masu zanen igiya, kan mashi na tagulla, da ƙashin mutum a naɗe, gwiwa a ƙirji, fuska tana duban mafaɗar rana. Wannan binnewar mutanen dā ce, ta tun kafin salla ta zo ƙasar. Dagazau kuwa duk labaran zamaninsa sun haɗu a kan shi ya gina masallacin Ƙurmusa, irinsa a likkafani ake sa shi, a kan gefen dama, fuska ga alƙibla, babu doki babu tukunya.

Da na yi shiru na tafi da ba a yi komai ba. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Wannan jarumi ne, Allah ya san sunansa, sai dai ya girmi Dagazau da shekaru masu yawa."

Kafin in rufe baki an ɗaure mu. Hukuncin mai ƙaryata tudun shi ne a shimfiɗa shi a kan falalen dutse a bar wa shahuna. Suna ta kewayawa a sama, inuwarsu tana wucewa ta kan fuskata. Sai na ɗaga murya na ce, "Na tuba! Ku bar ni in durƙusa wajen kan Dagazau in nemi gafara kafin in mutu. Ku nuna mini inda kan yake."

Waƙar maroƙin ba ta faɗi wannan ba, na riga na lura. Dattijon unguwar gabas ya nuna gabas, na unguwar yamma ya ce ƙarya yake yi, tun kakanni ta wajensu kan yake, shi ya sa rabon naman yanka nasu ya fi. Magana ta zama zagi, zagi ya zama sanda. Masu tsaronmu suka tafi taya iyayensu. Ƙosau ya goga igiyarsa a kaifin dutse, ya kwance ni, muka bi ta bayan tsaunin da raƙumi guda.

Da muka yi nisa ya ce, "Shekara ashirin ina zuba gishiri sadaka a tudun nan." Ni kuwa zuciyata fari ƙal, ina ganin rabin aiki ya ƙare. Na manta cewa rushe kabarin wani ba ya sa gawa a naka.

Abin da ya rage shi ne rubutu. Kowa a sana'armu ya san takardun fadar Dagazau, da annoba ta zo, an gudu da su zuwa Kogon Zuma, tafiyar kwana goma sha ɗaya kudu. Kogo ne a jikin wani dutse mai tsayi, ƙudan zuma sun rufe bakinsa kamar labule, ba a shiga sai da hayaƙin kashin shanu. A ciki babu gara babu danshi. Mai tsaron kogon wata tsohuwa ce makauniya, Iya Hakama, wadda ta san kowace gafakar takardu da yawan ƙullin igiyarta.

Ta ce, "Na Dagazau? Ƙulli biyar, a saman can. Rabon da a nema tun ina da ido. Ka karanta a nan bakin kogo, ba a fita da ko ƙyalle."

Na buɗe gafakar a cikin hasken rana, Ƙosau yana zaune gefena yana korar ƙuda. Takardu ne warwatse ba ɗinki, kamar yadda aka saba, a ƙasan kowace an rubuta kalmar da ta gaba za ta fara da ita don kada jeri ya rikice. Labarin mulkin Dagazau ne daga hannun magatakardansa, Ilu ɗan Gambo.

Ban yarda da takardun don tsufansu kawai ba, tsohuwar ƙarya ma takan yi furfura. A cikin gafakar akwai wasiƙu uku masu hatimin Dagazau kansa. Na jera su da littafin. Hannu ɗaya ne, yadda yake karkatar da wutsiyar haruffa da yadda yake matse layi in ya zo gefe. Na ɗaga takardun ga rana, alamar masu yin takardar ta fito a cikinsu duka, ƙahon gada. A ƙarshen littafin marubucin ya sa shekarar da ya gama, shekara biyu bayan rasuwar. Ko sau ɗaya bai ce Mai Sulhu ba. Na yi hamdala a zuci, na ce yau ga wanda ya ga gawa.

Sai na kai takarda ta kusa da ƙarshe. Har yau ina iya karanta ta da ka.

Ilu ya ce Dagazau ya rasu da zazzaɓi a tsakiyar damina, a Mashigin Kada na kogin Zurma, kwana tara daga Ƙurmusa. Gawa ba ta kwana tara a damina. Su shida suka yi masa wanka, ya jera sunayensu, suka binne shi a ranar, taku arba'in gabas da wani tsagaggen dutse, tsakanin tsamiya uku. Suka baje ƙasar, suka koro shanu suka tattake wurin, domin akwai dangogin da suka yi nadamar rantsuwa, da sun san wurin da sun tone shi sun watsar don alkawari ya mutu. Suka naɗe sandarsa da rawaninsa a likkafani, suka kai Ƙurmusa, suka binne a inda yake zaman shari'a, cikin jama'a inda ba mai iya tonewa, suka ce wa mutane ga sarki. Ya rufe da cewa, "Na rubuta don kada in mutu da ita. Allah ya gafarta mana mu shida."

Mutum ba ya ƙirƙiro wa kansa laifi ya rubuta. A sana'armu babu shaidar da ta fi irin wannan ƙarfi.

Ƙosau bai iya karatu ba, amma ya iya fuskar mutane, da ita yake ciniki.

Ya ce, "Me ta ce?"

Na ga Marka tana tsinke zaren zanenta. Na ga ƙofar hubbaren a buɗe. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan hannu bai ruɓe ba, shi ya yi mini tuwo ina maraya.

Na ce, "Ta ce ya rasu a Mashigin Kada, su shida suka ɗauko shi a makara suka kai Ƙurmusa, suka binne shi a inda yake zaman shari'a."

Ya rufe ido. Ya ce, "Sake karantawa."

Na sake, ina bin layi da yatsa kamar mai gaskiya. Ya tashi ya koma bayan dutse, na ji kukan tsoho, irin wanda ba ya fita da sauti sosai. A nan na yi abin da na yi. Na yayyaga takardar ƙanana, na cusa a baki, na tauna. Ɗacin tawada da ƙaro ya cika mini maƙogwaro. Na haɗiye shekara ɗari uku da sha takwas a loma huɗu, na ɗaure gafakar ƙulli biyar na miƙa wa Iya Hakama.

Ta auna ta a tafin hannu, ta ce, "Ɗana, ka samu abin da ka zo nema?"

Na ce na samu.

Ta ce, "To Allah ya sa ka iya ɗauka."

Hanyar gida ta Mashigin Kada take bi, da ma ba wata. Masuntan wurin a kan manyan goruna suke tsallaka ruwa, kadoji suna ba su hanya kamar tumaki. Ina jiran a tsallakar da mu sai na hango tsagaggen dutse. Ƙafata ta kai ni ba da izinina ba. Na tambayi wani tsohon masunci ko akwai abin da suka gada game da wurin.

Ya ce, "Gabas da dutsen can ba ma jefa taru, ba ma kafa turke. Makwancin Baƙo muke ce masa."

Na ce, "Wane baƙo?"

Ya ce, "Oho. Haka muka taras."

Bai taɓa jin sunan Ilu ba, bai san akwai takarda ba, ba ya karɓar sadakar kowa a kan wurin. Ga shaida ta biyu da ba ta san ta farko ba. Na auna taku daga dutsen. A na ashirin da shida na tsaya a bakin gaɓa, domin kogin ya ci ƙasa ya matso. Kututturen tsamiya ɗaya ya rage, saiwoyinsa a cikin ruwa. Inda taku na arba'in zai faɗa, ruwa ne mai zurfin mutum biyu yana wucewa. A duk rayuwata ban taɓa kusantar tabbatar da kabari kamar wannan ba, kuma babu wanda zan gaya wa.

Ƙosau ya iso bayana. Ya ce, "Me kake aunawa?"

Na ce, "Inda suka yi masa wanka."

Ya ɗebi ruwan ya shafa a fuska, ya yi wa Dagazau addu'a. Shi kaɗai a cikin mutanen zamaninmu ya yi ta a wurin da ya dace, bai kuma sani ba.

Muka shiga Ƙurmusa a rana ta talatin da takwas. Gari ya taru. Na faɗi abin da na gani a Tudun Shaho, duk gaskiya. Na faɗi hannun Ilu da hatimi da ƙahon gada, duk gaskiya. Sannan na ɗora ƙaryata a kai, ta zauna daram.

Alƙali ya ce, "A wane mataki ka sa hubbaren?"

Na ce, "Tabbatacce."

Ya juya ga Ƙosau. Madugu ya ce, "Allah ya gafarta malam, mutumin nan ya faɗi raunin kabarinsu a gabana tun ran farko, alhali ran 'yar'uwarsa yana kai. Ban ga dalilin da zan ƙaryata shi ba. Na bar ta wa Dagazau." Ya zare takobinsa ya ajiye a ƙofar hubbaren. Da zai wuce ya dafa kafaɗata. Na fi son da ya mare ni.

Marka ta rayu, amma a cikin katanga, don rantsuwar ba ta wuce nan ba. Shekara goma sha ɗaya ba ta ga kasuwa ba, ba ta je sunan jikokinta ba. Ana kawo mata masu karaya tana ɗora su a tsakar hubbaren. Kullum da safe takan share ɗakin kabarin, ta ƙara ɗan dunƙulen ƙasa, ta ce, "Sannu, mai rufa asiri." Ni na rataye alƙalami kamar yadda malamina ya ce, na koma fartanya. Mutane suka ce tawali'u ne. Aka kafa sabon allo a ƙofa, aka sassaƙa cewa Cindo ɗan Ajuji ya bincika ya tabbatar. Malamai daga ƙasashe masu nisa suka kwafa a littattafansu, wasu suka kwafa daga nasu. Yau in ka tambaya za a kawo maka littafi sha biyu, duka a kaina suke ƙarewa.

Da ciwon ajali ya kama ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, ka roƙar mini Baba Nomau a sa ni kusa da shi. Shi ya tsare ni."

Baba Nomau ya yarda, don ita ta ɗora masa ƙugu. Na ce ba wanda zai haƙa sai ni. Ɗakin ƙunci ne, dole ramin ya shafi gefen tulin, har ya ɗan shiga ƙarƙashinsa. Ƙasar da aka taɓa haƙawa ba ta komawa yadda take ko bayan shekara dubu, takan zama gauraye, mai laushi, launinta ya rikice. Da na yi zurfi na dubi bangon ramin ta wajen tulin. Baƙar ƙasa a sama, ja a ƙarƙashinta, tsakuwa a ƙasa, kowace a shimfiɗe ba yankewa. Na ɗauki siririn ƙarfe na soka ta gefe a wuri uku, har iya tsawonsa. Ko'ina tauri. Ba a taɓa sa fartanya a nan ba tun da aka halicci duniya. Ko sandar da rawanin ba a nan suke ba, mai mafarkin ya kauce wa wurin, Allah kaɗai ya san da taku nawa.

Baba Nomau ya leƙo ya ce, "Lafiya, Cindo? Ka taɓa wani abu ne?"

Na ce, "Ban taɓa komai ba, Baba."

Na kwantar da ita a gefen dama, na jera itace, na rufe. Bayan kwana arba'in na bar Zurma, ban sake komawa ba.

Gafaka mai ƙulli biyar tana nan a Kogon Zuma. Ranar da wani mai ido ya buɗe ta, zai ga kalmar da ke ƙasan wata takarda ba ta dace da farkon ta gaba ba, zai san an ɗauke ɗaya. Ina roƙon Allah ya jinkirta wannan rana, domin fatake sun gaya mini mutum goma sha tara ne yanzu a cikin katangar, har da mace mai goyo. Sun kuma ce masu ziyara sun ci gaba da ƙara ƙasa, tulin ya faɗaɗa ya haɗiye na Marka, ba a bambance su.

Saboda haka in wata rana ƙafa ta kai ɗayanku Ƙurmusa, aka ce masa akwai mai ceton rai kwance a ƙarƙashin ƙubbar nan, kada ya yi musu. Akwai. Wannan kam na halarta, da hannuna na sa ta.

Nan bakina ya tsaya. Allah ya gafarta mana, mu bakwai.